Idon da ke karanta ɓargo

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin shan magani a ƙasar Gaya ko Ajingi ya san yadda ƙarancin jini yake zuwa: tafin hannu ya yi fari fat, ƙasan ido ya koɗe, mutum ya taka kaɗan sai haki. Mafi yawan lokaci zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsutsar ciki, ko sikila, ko mace ce ta zubar da jini wajen haihuwa. A ba da magani, in ta kama a ƙara jini, mutum ya miƙe. Amma jefi-jefi akan sami wanda aka yi masa duk wannan, bayan sati uku ya dawo kamar ba a taɓa sa masa ko ɗigo ba. A nan ne ake gane gwanin likitan jini, don shi tambayarsa daban ce. Wasu suna neman inda jinin yake zurarewa, shi kuwa yana tambaya ko ana ma ƙera shi.

Cikin ƙashi ake yin jini. Ɓargon da muke tsotsa a ƙashin sa, mai ruwan ɗorawa, kusan duk kitse ne. Mai aikin shi ne jan ɓargo, wanda a jikin babba yake zaune a ƙashin ƙugu, da ƙirji, da haƙarƙari, da gadon baya. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi da suke kamar irin shuka, daga gare su komai yake tsirowa: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar numfashi, farare masu yaƙi da cuta, da ƙananan nan masu toshe rauni, waɗanda a asibiti ake kira faletilet. Idan irin ya ƙare, kitse sai ya cike gurbin. Wannan ita ce cutar da likitoci suke kira aflastik animiya, wadda Bajamushen nan Paul Ehrlich ya fara bayyanawa a 1888 bayan ya duba ɓargon wata matashiya mai juna biyu da ta rasu. Ita ce kuma ta yi ajalin Marie Curie a 1934.

Bari mu ɗauki misali don a ga yadda aikin yake tafiya. Saurayi ne ɗan shekara 19 daga wajen Kademi, yana noma da damina, da rani kuma yana sayar da fetur a galan a bakin hanya. Wata biyu ke nan yana fama da kasala. An yi masa maganin zazzaɓi sau biyu, an ƙara masa jini leda biyu, fisibinsa ya tashi daga 15 zuwa 21, daidai yadda ake tsammani, tunda kowace leda takan ƙara kamar maki uku. Kafin wata ya zagayo ya sake faɗuwa. Sai ga haɓo da ya ƙi tsayawa, in ya yi asuwaki kuma dasashi ya yi ta jini.

Gwani ba ya fara da na'ura. Zai ce, “Samari, ɗaga min wandonka,” ya duba ƙwauri. A fatarmu baƙa ɗigon jinin da ke fitowa ƙarƙashin fata yana da wuyar gani, don haka zai haska cikin baki da ƙasan harshe da cikin fatar ido, inda jajayen ɗige-ɗigen kamar kan allura suke fitowa fili. Daga nan ya lalubi wuya da hammata da matsematsi yana neman kaluluwa, ya danna ƙarƙashin haƙarƙarin hagu yana neman saifa. Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne yadda rashin samun abu yake zama shaida. Mai sankarar jini sau da yawa saifarsa ko kaluluwarsa takan kumbura, ƙasusuwa su yi ta ciwo. Wanda ɓargonsa ya ƙafe kuwa cikinsa lafiya lau yake a hannu. In aka ji saifa ta fito, to a sake tunani, wataƙila ba ita ba ce.

Sai cikakken awon jini, wanda yake ƙirga iri ukun nan gaba ɗaya. Fisibi kaɗai, da aka saba yi a ƙananan asibitoci, jajaye kawai yake nunawa, shi ya sa ake daɗewa ba a gano cutar ba. A takardar saurayin nan, faletilet 9,000 ne a kowace maikurolita, alhali mai lafiya yana da 150,000 zuwa 400,000. Fararen da ake kira nutirofil, masu cinye ƙwayoyin cuta, 400 ne kacal. Duka ukun sun faɗi tare. Likitan ya san dalilin da ya sa alamomin suke zuwa yadda suke zuwa: jar ƙwaya takan yi kwana 120 a jiki, faletilet kwana bakwai zuwa goma, nutirofil kuwa da ƙyar yake wuce yini a cikin jini. Jinin da aka ƙara ya toshe ramin jajaye na ɗan lokaci, amma ledar da ta kwana a firji ba ta kawo faletilet ko fararen da za su yi wani amfani.

Akwai awo ɗaya mai arha da ake yawan mantawa da shi, ƙirgen jariran jajayen ƙwayoyi, wato retikulosait. Idan sauro ko sikila ne suke fasa jini, ɓargo mai lafiya yakan tashi tsaye ya yi ta turo jarirai, adadinsu ya haura. Idan jini ya yi ƙasa haka amma jariran ba su kai ko ɗaya cikin ɗari ba, to ɓargon bai amsa kira ba. A kan gilashi kuma, ƙarƙashin madubin likita, ƙwayoyin da suka rage kamanninsu daidai, yawa ne babu. Ba a ganin baƙin ƙwayoyi marasa nuna irin na sankara. Kafin a yanke hukunci sai an cire wasu masu kwaikwayonta: ƙanjamau, ciwon hanta, tarin fuka da ya bazu, da ƙarancin bitamin B12, wanda shi ma yakan kayar da iri ukun amma allura take warkar da shi. Babban rashi ne a ce wa mutum ɓargonsa ya mutu alhali bitamin yake nema.

Daga nan sai hanya, daga Gaya a bi ta Wudil a shiga Kano, zuwa wurin da ake da sashen jini kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, don hukuncin ƙarshe a cikin ƙashi yake. Majiyyaci zai kwanta ta gefe ya naɗe gwiwoyi. Likita ya lalubo tudun ƙashin ƙugu ta baya, ya wanke, ya yi allurar kashe zafi har kan fatar ƙashin. Ya murza allura mai kauri a hankali, har ya ji ta faɗa wuri mai taushi. Sai ya ce, “Yi haƙuri, yanzu za ka ji an ja,” ya zuƙo ɗan kaɗan, ƙasa da rabin cokalin shayi, nan take a shafa a gilashi kafin ya daskare. Mai gaggawa yakan zuƙo da yawa, jini ya sirka samfurin, ɓargo mai lafiya ya fito kamar fanko. Shi ya sa ba a tsayawa a ruwan. Da wata allurar ake yanko siririn ɓargo da ƙashinsa, tsawon kamar santimita biyu, a ga ginin yadda yake zaune. A ɗan shekara 19 ya kamata fiye da rabin filin ya cika da ƙwayoyi. A nan sai fararen ramukan kitse jere, ƙwayoyin ba su kai kashi 25 cikin ɗari ba. Cutar ma takan bar 'yan tsibirai masu aiki nan da can, allura ta faɗa kan ɗaya ta ruɗi mai dubawa, don haka gwani yana haɗa gilashin da takardar awo, in sun saɓa ya sake ɗiba. Nutirofil ƙasa da 500, faletilet ƙasa da 20,000, ga ɓargo fanko: wannan ita ce mai tsanani a ma'aunin da ake bi a duniya.

Me ya jawo? A kusan kashi biyu cikin uku ba a samun takamaiman dalili. Abin da bincike ya nuna shi ne garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta kashe irin da ke ɓargonsa. Amma dole a yi tambaya dalla-dalla, kuma a ƙasarmu tambayoyin suna da nauyi. Fetur yana ɗauke da benzin, gubar ɓargo sananniya, ga shi 'yan bumburutu suna zuƙo shi da baki ta tiyo. Akwai maganin feshin ƙwari da ake yi ba safa ba takunkumi. Akwai kuloramfenikol, kafson da aka daɗe ana sha don taifot: mutum ɗaya cikin dubbai masu yawa yake kamawa, amma ba ruwansa da yawan abin da aka sha, kuma yakan bayyana makonni ko watanni bayan an daina. Wani kuma shawara ce ta kama shi wata biyu ko uku kafin nan. Idan yaro ne gajere, mai tabo a fata ko babban yatsa marar kyau, sai a yi tunanin ta gado da ake kira Fankoni, wadda ta fi fitowa inda ake auren zumunci, kuma maganinta daban ne.

Magani mataki biyu ne. Na farko a riƙe rai: ƙarin jini, ƙarin faletilet in sun sauka ƙasa da 10,000 ko ana zubar jini, sannan zafin jiki da ya kai 38 a ɗauke shi a matsayin gaggawa, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ba tare da jiran gobe ba. A nan likitan zai zaunar da mahaifi ya ce, “Baba, ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da allura a ɗuwawu, ban da asfirin da dikulofenak.” Maganin ƙarin jini na kwalba ma a ajiye shi, don ba ƙarfe jikin ya rasa ba, kuma kowace leda tana tara masa wani. Abu mafi wuyar faɗa wa Bahaushe shi ne kada 'yan uwa na jini su ba shi jininsu in ana da niyyar dashe, saboda jikinsa zai saba da su ya ƙi karɓar ɓargonsu daga baya.

Na biyu shi ne gyaran tushen. Ga matashi mai ɗan uwa shaƙiƙi da suka dace, dashen ɓargo ne ya fi, kuma mafi yawan yara da matasa suna warkewa da shi. Kowane shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa. 'Yan uba ba kasafai suke cika wannan sharaɗi ba. An fara dashen ɓargo a Nijeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ga wani yaro mai sikila, amma har yanzu wuraren yinsa kaɗan ne, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin manomi nesa ba kusa ba. Wanda bai sami dashe ba ana danne garkuwarsa da wani ruwan magani da ake samu daga jinin doki, e-ti-ji, na kwana huɗu, a haɗa da sikulosiforin na watanni. Kusan biyu cikin uku suna amsawa, ƙara eltorombofag kuma ya ɗaga adadin. Inda e-ti-ji ya gagara, likitocinmu sukan yi da abin da ke hannu, sikulosiforin shi kaɗai ko da magungunan sinadarin maza irin su danazol, duk da sakamakon bai kai ba. Ko wanne aka bi, sai an yi wata uku zuwa shida kafin a san ko ya kama. A tsawon wannan jira ana auna ƙoda da hawan jini saboda sikulosiforin, ana kuma maimaita ƙirgen retikulosait da nutirofil, don a nan ake fara ganin ɓargon ya motsa tun kafin majiyyacin ya ji sauƙi a jikinsa.