Idon Hajiya da hoton shinkafa

Daga Gure zuwa Damagaram tafiya ce ta kilomita ɗari da sittin da ɗoriya, kuma ba kullum mai kanti zai rufe ƙofa ya hau mota don ya damƙi shinkafa da hannunsa ba. Shi ya sa yau rabin ciniki ya koma cikin waya: dillali ya ɗauko hoton buhu da na ƙwaya a tafin hannu, ya turo ta WhatsApp, ya ce kuɗin kaza. Akwai wata Hajiya, ƙanwar mahaifiyata, mai sayar da shinkafa a tiya da buhu, wadda na daɗe ina zama kusa da ita ina kallon yadda take karanta irin wannan hoto. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma idonta ya fi na mutane da yawa da ke riƙe da buhun a gabansu.

Abin da ta fara gyara mini shi ne tunanin cewa shinkafa iri uku ce: gumi, gogaggiya da karyayya. Ta ce, "A'a ɗana, tambaya uku ce ake yi wa ƙwaya ɗaya. An turara ta? An goge ta har ina? Nawa ta karye?" Gaskiyarta. Gumi na iya zama gogaggiya, kuma tana iya zuwa da karaya. Wanda bai raba tambayoyin nan ba, shi ake sayar wa abin da bai nema ba.

Ta farkon ita ce mai daɗin kallo. Gumi ana jiƙa ta ne tun tana shanshera, da ƙaiƙayinta, a turara, a shanya, sannan a kai ta inji. Zafin nan yana narkar da garin da ke cikin ƙwaya ya haɗe wuri ɗaya, tsagar da ke ciki ta manne, launin dusa kuma ya ratsa ta. Saboda haka a hoto za ka gan ta garai-garai kamar ƙaro, launinta ruwan zuma mara duhu, haske na shiga cikinta. Ɗanyar shinkafa, wadda muke kira ta tuwo, fara ce, kuma idan ka buɗa hoton da yatsu biyu za ka tarar da wasu ƙwayoyin suna da farin ciki kamar alli. Wannan farin allin shi Hajiya take farauta. Idan ya yi yawa a hoton da aka ce gumi ce, to ko dai an gauraya, ko turarin bai ratsa ba. Akwai kuma baƙaƙen ƙwayoyi jefi-jefi: waɗanda ƙwaro ya tsotsa tun a gona, turari kan ƙara musu duhu. Manyan injina na da na'urar da ke tsince su ta launi, shi ne ake rubuta SORTEXED a jikin buhu. Buhun da ya yi wannan alkawari, amma ga baƙi uku ko huɗu a tafin hannu ɗaya, ya ƙaryata kansa.

Wurin da ake faɗawa rami shi ne launi. Waya maƙaryaciya ce wajen launi. Hoton da aka ɗauka da la'asar sakaliya, ko ƙarƙashin jan ƙwan lantarki a cikin sito, zai mai da farar shinkafa ruwan zuma. Haka tsohuwar shinkafa da ta sha zafi da laima a ajiya, ita ma takan yi rawaya, sai dai rawayarta dusu-dusu ce, ba ta da garai, kuma ba ta zuwa bai ɗaya: wannan ta yi, waccan ba ta yi ba. Don haka Hajiya ba ta yarda da launin ƙwaya sai ta ga wani farin abu a gefenta. Na sha jin ta a waya tana cewa, "Alhaji, don Allah a fita da ita inuwar ƙofa, a zuba rabi kan farar takarda, rabi kan baƙin faranti, a ajiye ashana ɗaya a gefe." Idan takardar ma ta fito rawaya, laifin haske ne. Ashanar kuma ita ce ma'aunin tsawo.

Guga ba ta da wahalar ganewa. Wadda aka goge sosai sumul take, tana ƙyalli, ba ta barin gari a layukan tafin hannu. Wadda ƙaramin inji ya sussuka, irin ƴar gida, za ka ga zanen dusa ja ko ƙasa-ƙasa a tsawon bayanta. Wannan ba aibi ba ne, har ta fi gina jiki, sai dai man da ke cikin dusar yana sa ta saurin yin warin tsufa a zafinmu, kuma bai kamata a biya mata kuɗin gogaggiya ba.

Karaya ce ta fi ba ni mamaki, domin a nan idon Hajiya ya riga lissafina. A ƙa'idar kasuwar duniya, ƙwayar da ba ta kai kashi uku cikin huɗu na tsawon cikakkiya ba, karyayya ce. Lambar da ke kan buhu, 5% BROKEN ko 25% BRISURES a Faransanci, ta nauyi ce, ba ta ƙidayar ƙwaya ba. A ce kowane gutsure rabin ƙwaya ne. A shinkafa mai kashi 25, nauyin ƙwaya ɗari zai ba ka cikakku 75 da gutsure 50, wato biyu cikin kowane biyar da ido ya gani karyayyu ne. Mai kashi 5 kuwa cikakku 95 ne da gutsure 10, kusan ɗaya cikin goma. Wanda bai san haka ba zai zargi mai gaskiya.

Wata rana an turo mata hoton buhu mai kilo 50, an rubuta PARBOILED da 5% BROKEN, ƙirar Tailan. Ta buɗa wani ɓangaren hoton ƙwayar ta ce in ƙirga. Na sami hamsin, gutsure goma sha takwas. Ta ce, "Wannan ƴar ashirin da biyar ce ta ari rigar ƴar biyar." Sai ta koma kan hoton buhun, ba wajen zanen ba, wajen bakinsa. Ɗinkin kamfani layi ɗaya ne miƙaƙƙe. Nan kuwa, ƙasa kaɗan da zaren, ga jerin ƙananan huji babu zare a ciki, alamar an farke an sake ɗinkewa. Rubutun gefen da ya kamata ya nuna ranar zubawa da lambar kaya shi ma ya koɗe, alhali zaren sabo ful. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta gode, a bar mata zuwa wani lokaci, amma idan za a sayar da ita a kuɗin mai karaya tana so, don masu tuwo da masa sun fi son wadda za ta yi saurin laushi, in dai ɗanya ce. Da ta sake duba garai ɗin ƙwayar ta ga gumi ce ta gaske, sai ta janye wannan tayin ma, tunda gumi warwarewa take yi a tukunya, ba ta kama jikinta a tuwo.

Duk da haka Hajiya ta san inda hoto ya tsaya. Ba ya kawo wari, ba ya nuna laima, kuma abin da aka ɗebo daga saman buhu ba lallai ya zama shi ne a gindi ba. Shi ya sa idan kayan na da yawa takan nemi ɗan bidiyo, a soka bututun ɗiba a tsakiyar buhu da ƙasansa tana kallo. Ranar da motar Damagaram ta sauke kaya, kafin ta ba direba ladansa, sai ta ɗebi ƙwaya biyu ta kai baki: gumi ta gaske tauri gare ta, sai haƙori ya matsa kafin ta ce ƙas.