Jinjina ga Masu Tsaron Rai a Bakin Dutse

A wuraren fasa dutse na ƙasar Birnin Gwari, ruwan Agusta kan shiga tsagar da nakiya ta bari, ya sassauta dutsen. Jami'in kiyaye haɗari ya san alamar: tsakuwa na gangarowa ba wanda ya taɓa ta.

Da gefen dutse ya rufto, sai jami'in ya kewaye wurin da jan ƙyalle, nesa da inda ɓaraguzai suka tsaya, don saura na iya biyowa. Ya kira sunayen ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, har mai tallar abinci. Katafila da tifa kuwa suna nan a kashe. Ko maigida na ƙorafin asara, ba mai tayar da su sai an kakkaɓe duwatsun da ke reto.