Ba duk mai kiɗa ne mai magani ba: inda malamin kiɗa ya tsaya da inda mai jinya ya ɗauka

Duk wanda ya bi ta Unguwar Boro ko Sabon Tasha da yamma ya san sautin. Ta tagar coci za ka ji ƙungiyar mawaƙa na maimaita do, re, mi, shugabansu yana tsayar da su a kan layi ɗaya har sau biyar. Wannan koyarwa ce, kuma mai kyau. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata takardar talla da aka miƙo mini a kan hanyar Kachia, ta wani wurin koyon fiyano da ganga. A ƙasanta an ƙara cewa suna warkar da yara masu otizim, wadda wasu ke kira galahanga, da masu shanyewar ɓarin jiki. Ban yi zaton mugunta ce ba. Gani nake an ɗauki sana'a biyu an zuba a tukunya ɗaya, saboda kayan aikinsu iri ɗaya ne.

Malamin kiɗa, burinsa kiɗan kansa. Yana so ɗalibi ya riƙe murya daidai, ya karanta solfa, ya san inda yatsa zai sauka. Haka ma a gidan makaɗan gargajiya: yaro ya fara da ɗaukar kaya da amshi, ya daɗe yana sauraro kafin a bar masa kalangu. A duka biyun akwai mizani a waje, ɗalibi ne ke tashi ya kamo shi. In ya kuskure a gyara masa, kuma ranar taro kunnen jama'a ne alƙali.

Shi kuwa mai jinya da kiɗa, ba ya neman majinyaci ya zama gwani. Kiɗa a hannunsa kamar sandar dogarawa ce, abin da yake nema yana wani wurin: tafiya, ko magana, ko natsuwa. Fannin ya zama karatun jami'a ne a Amurka, inda Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe digirinsa a 1944, kuma masu yinsa suna karanta aikin jiki da na ƙwaƙwalwa, su yi horo a asibiti.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. A ce wani dattijo ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama, ya fara takawa amma yana jan ƙafa. Akwai hanyar da Michael Thaut da abokan aikinsa suka inganta a Jami'ar Jihar Colorado cikin shekarun 1990, ta daidaita taku da bugu. Matakin farko babu kiɗa ma. Ana sa shi ya yi tafiyarsa yadda ya saba, a ƙirga. In ya yi taku 30 cikin daƙiƙa 30, to saurinsa taku 60 ne a minti, alhali lafiyayyen babba yakan yi sama da 100. Sai a saita bugun a kan 60 ɗin nan nasa, da ganga ko da na'urar da ke ƙwanƙwasawa a kan lokaci. A lura da wannan: kiɗan ne ya je ya same shi inda yake.

Me ya sa yake aiki? Sassan ƙwaƙwalwa masu kula da ji suna da alaƙa ta kusa da masu tsara motsi, shi ya sa kake kaɗa ƙafa ba ka sani ba in kiɗa ya yi daɗi. Bugu mai zuwa a kan ƙa'ida yana gaya wa jiki lokacin da na gaba zai zo, sai ƙafa ta shirya tun kafin ya iso. Idan dattijon ya zauna daram a kan 60, sai a ɗaga da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, wato 63 zuwa 66. Daga ƙarshe a riƙa rage sautin har a kashe shi, a ga ko tafiyar ta tsaya da ƙafarta. Don in sai da ganga Baba zai iya zuwa bakin titi, ba a gama aiki ba.

Yanzu sa malamin kiɗa a wannan ɗakin, mai kyakkyawar niyya. Zai zaɓi waƙar da dattijon ke so, ya kaɗa ta da saurinta na asali, ƙila bugu 100 a minti, domin a wajensa rage ta ɓata waƙa ne. Dattijon zai yi ƙoƙarin kamo ta. Alamun matsala a bayyane suke ga wanda ya san abin dubawa: yana gaggawar ɗauke nauyi daga ƙafar da ta shanye, takun lafiyayyar ya gajarta, yatsun na jan ƙasa, numfashi ya hau. Daga nan sai faɗuwa, kuma karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne. Malamin yana sauraron ko an bi kiɗa, ba wanda ya koya masa kallon diddige.

Kada kuma a ɗauka ina cewa jinya da kiɗa na warkar da komai in dai ƙwararre ne ya yi. A ɓangaren tafiya hujjar tana da ɗan ƙarfi: nazarin Cochrane na 2017 ya tattara gwaje-gwaje ya ga ƙarin sauri na kimanin mita 11 a minti ga masu shanyewar ɓarin jiki. Amma a batun otizim, babban gwajin da mujallar JAMA ta buga a shekarar, mai yara 364 daga ƙasashe tara, bai ga bambancin a zo a gani ba a babban ma'aunin alamomin bayan wata biyar, tsakanin waɗanda aka ƙara wa jinya da kiɗa da waɗanda ba a ƙara wa ba. Horarru ne suka yi aikin, kuma masana na ta jayayya ko an auna abin da ya dace. To ina hujjar mai talla da ya rubuta cewa yana warkarwa?

Wani zai ce ai mu ma mun san kiɗan magani tun da can, ga garaya da goge a wajen bori. Gaskiya ne haɗa kiɗa da neman lafiya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sai dai bori na tsaye ne a kan imani da iskoki, shi kuma abin da nake magana a kai yana tsaye ne a kan abin da za a ƙirga kafin a fara, a sake ƙirgawa bayan an gama.

Yaro mai otizim na iya koyon fiyano, kuma ya cancanci a koya masa kamar kowa. In ya ji daɗi, ya samu abokai, riba ce. Amma iyaye su san kuɗin makaranta suke biya, kada su janye shi daga asibiti saboda haka. Ga mutanen kudancin Kaduna, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa ba nisa, can ya kamata a fara a duba yaro. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa, sashen gashi da motsa gaɓoɓi na asibiti zai nufa, ya tambaye su ko tafiya da bugu ta dace da shi.

Wanda duk ya ce maka zai yi jinya da kiɗa, tambaye shi me zai auna a ranar farko, da wane likita yake aiki, kuma yaushe zai ce an gama. In amsarsa ita ce yaron zai iya waƙa uku kafin Kirsimeti, to malami ka samu, ka biya shi kuɗin darasi.