Gani da Rashin Gani: Yadda Gwanin Odita ke Yanke Ra'ayi

A jarrabawar ƙwararrun akantoci, ta ICAN ce ko ta ANAN ko ta ACCA, akwai tambayar da ba ta cika fashi ba a takardar odit. Za a ba ɗalibi labarin wani kamfani a sakin layi uku ko huɗu, a ce an gama bincike, ga abin da aka tarar, sai a tambaye shi wane ra'ayi zai rubuta a rahotonsa, kuma saboda me. Zaɓin huɗu ne kacal. Akwai tsaftataccen ra'ayi, wato hisabin kamfani ya nuna gaskiyar halin da yake ciki. Akwai ra'ayi mai togaciya, wato komai daidai ne ban da abu kaza. Akwai ra'ayin rashin amincewa, wato hisabin gaba ɗaya bai nuna gaskiya ba. Na huɗu shi ne kamewa, inda odita zai ce ba shi da abin da zai kafa ra'ayi a kai, don haka ba zai faɗi komai ba.

Haddace waɗannan huɗun aikin minti biyar ne. Abin da ke burge ni shi ne yadda gwani ke riƙe labarin. Ba ya bari girman lambobi ko tsoratarwar kalmomi su ja shi. Gobara, shari'a a kotu, taurin kan daraktoci, duk yana karanta su cikin natsuwa, yana neman amsar tambayoyi biyu waɗanda ƙa'idar odit ta duniya mai lamba ISA 705 ta ginu a kansu. Ta farko: na ga kuskure ne da idona, ko kuwa na kasa samun hujjar da zan gani da ita? Ta biyu: abin ya tsaya a wuri ɗaya ne, ko ya game hisabin duka?

Tambayar farko ita ce ta fi kayar da ɗalibai, alhali bambancin sananne ne ga duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau. Wanda ya soki buhu ya tarar da tsakuwa yana da abin faɗa a kan buhun. Wanda aka hana shi soke buhun ba zai ce akwai tsakuwa ba, ba kuma zai ce babu ba. Na farko yana kan hanyar da ke kai wa ga togaciya ko rashin amincewa, na biyu yana kan wadda ke kai wa ga togaciya ko kamewa. Wanda ya ɓata a wannan mararraba ba zai isa amsa ba, komai kyawun bayaninsa.

Mu ɗauki misali irin wanda ake ƙirƙira wa ɗalibai: kamfanin casar shinkafa, ribarsa kafin haraji naira miliyan 400, kadarorinsa duka naira biliyan 5. Kafin gwani ya taɓa kowace matsala, zai fara kafa ma'aunin nauyi, wato girman kuskuren da zai iya sauya shawarar mai karanta hisabin, kamar banki ko mai hannun jari. A al'adar sana'ar akan ɗauki kashi 5 cikin 100 na riba kafin haraji, ko kashi 1 zuwa 2 na kadarori. A nan kashi 5 na riba ya kama naira miliyan 20. Wannan ba doka ba ce da aka kafa da ƙarfe, ma'auni ne na farawa, amma mai gyaran takarda yana son ya ga lissafin a rubuce.

Labari na farko: ruwa ya shiga rumbu ya lalata shinkafar da aka rubuta a littafi a kan kuɗin sayenta, naira miliyan 90, alhali yanzu ba za ta sayu fiye da miliyan 30 ba. Ƙa'idar IAS 2 ta ce a rubuta haja a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin abin da aka kashe mata da abin da za a samu idan an sayar. Daraktoci sun ƙi ragewa. A nan odita ya gani, yana da hujja a hannu. An kumbura haja da riba da naira miliyan 60, kashi 15 cikin 100 na riba, ninki uku na ma'auninsa. Amma ɓarnar tana da iyaka: ta taɓa haja, kuɗin kayan da aka sayar, da riba, kuma ana iya nuna ta da yatsa a faɗi adadinta. Mai karatu zai cire miliyan 60 ya ci gaba da amfani da sauran hisabin. Amsa ita ce ra'ayi mai togaciya, tare da sashen da ke bayyana dalili da adadin kuɗin.

Gwani yana lura da cewa ƙaramin sauyi a labarin zai juya amsar. Da gibin naira miliyan 6 ne, kashi ɗaya da rabi na riba, to bai kai nauyi ba. Za a sanar da hukumar kamfani, a tara shi da sauran ƙananan kurakuran da ba a gyara ba don a ga jimillarsu, amma ra'ayi zai fita tsaf. Haka kuma da jimlar ƙarshe ta labarin ta ce daraktoci sun yarda sun gyara, miliyan 60 ɗin ta tashi daga lissafi, domin odita yana yin hukunci ne a kan hisabin da zai fita ga jama'a. Ɗalibai da yawa sukan tsallake wannan jimla saboda gaggawa.

Labari na biyu: an naɗa odita bayan shekarar kuɗi ta ƙare, don haka bai halarci ƙirgen haja a wani rumbu mai kayan naira miliyan 150 ba. Sabon shiga zai yi tsalle ya ce a kame. Gwani zai fara tambaya ko akwai wata hanya: a ƙirga kayan yau, sannan a bi takardun shigowa da fita a koma baya har zuwa ranar rufe shekara. Idan hakan ya yiwu kuma ya gamsar, babu matsala. Idan labarin ya ce takardun ba su wadatar ba, to ga rashin hujja. Miliyan 150 ta wuce ma'auni nesa, amma kashi 3 ne kawai na kadarori, kuma rumbu ɗaya ne. Amsa togaciya ce a nan ma, sai dai lafazinta ya sha bamban da na farko. A can an ce ban da tasirin abu kaza. A nan za a ce ban da tasirin da abu kaza ka iya yi, domin odita bai ce akwai kuskure ba, ta yiwu adadin daidai yake.

Yanzu a ce hajar da ba a iya tabbatarwa ba ta kai naira biliyan 3, kashi 60 cikin 100 na kadarori. Abu ɗaya ne har yanzu, amma ISA 705 ta ce matsala tana iya zama gamammiya ko da a wuri ɗaya take, idan wurin ya cinye kaso mai yawa na hisabin. Ba ma'ana a ce komai daidai ne ban da kashi 60. Nan ne kamewa ke shigowa. Haka hukuncin yake idan gobara ta cinye littattafan shekara duka kuma babu kwafi. Idan kuwa daraktoci ne da kansu suka toshe hanya, akwai matakai kafin rahoto: a nemi su janye hanin, a kai magana ga masu sa ido a kan kamfanin, idan abin ya game kuma doka ta ba da dama, odita ya ajiye aikin, idan ba ta yiwuwa, ya kame.

Labari na uku: kamfanin ya mallaki wani kamfanin sufuri kacokan, mai manyan motoci da tulin bashi, amma ya ƙi haɗa hisabinsa da nasa kamar yadda IFRS 10 ta wajabta. Odita ya san hakan ya faru, ba zato yake ba. Kuma da an haɗa, da kusan kowane layi ya sauya: kuɗin shiga, kashe-kashe, kadarori, basussuka, shige da ficen tsabar kuɗi. An gani, kuma ya game, sai ra'ayin rashin amincewa. Wani tarko a nan shi ne labarin kan ce odita bai iya ƙididdige tasirin ba. Wannan ba ya mayar da shi kamewa. Rashin sanin adadin kuskure daban ne da rashin sanin ko kuskuren na nan. Zai faɗa a sashen dalili cewa ba a iya fitar da adadin ba, ra'ayinsa kuma yana nan daram.

Labarin da ya fi raba gwani da mai hadda shi ne wanda babu laifi a cikinsa sam. A ce bankin da kamfanin ya dogara da shi bai sabunta rance ba tukuna, akwai shakka mai ƙarfi ko kamfanin zai ci gaba da aiki shekara mai zuwa, kuma daraktoci sun bayyana wannan dalla-dalla a bayanan da ke tare da hisabin. Labarin yana da ban tsoro, amma hisabin ya faɗi gaskiya. A ƙarƙashin ISA 570 ra'ayi tsaftatacce ne, sai a ƙara sashe na musamman da ke jan hankali ga shakkar. Idan sun ɓoye shakkar ko sun rage bayaninta, an koma kuskure, togaciya ko rashin amincewa gwargwadon girman ɓoyon. Idan kuwa an riga an yanke shawarar rufe kamfanin amma aka shirya hisabi kamar zai ɗore, tushen duka ya karkace, rashin amincewa kawai ya rage. Odita ba ya auna lafiyar kamfani, yana auna ko hisabin ya faɗi halin lafiyar yadda take. Kamfani mai asara zai iya samun tsaftataccen ra'ayi, mai riba kuma ya samu rashin amincewa.

Amsar gwani a takarda takan zo a jere, gajeriya: wace ƙa'ida aka karya ko wace hujja ta ɓace, lissafin nauyi da kasonsa, hukunci a kan gamewa tare da dalili, sunan ra'ayin, sannan abin da zai sauya a rahoton, kamar taken sashen ra'ayi da na sashen dalili. Sunan ra'ayin shi kaɗai ba ya kawo maki mai yawa. Dalilin ne ke kawowa. Akwai hikima a hakan, domin tsakanin kashi 3 da kashi 60 babu lambar da ƙa'ida ta ce daga nan gamewa ta fara. Idan labari ya ba da kashi 25, ƙwararru biyu za su iya saɓawa, kuma wanda zai ci shi ne wanda ya nuna ko sauran hisabin zai amfani banki ko mai hannun jari bayan an ware wurin da ake shakka. Wannan hujjar ce odita zai kare da bakinsa a gaban kwamitin odit ranar da manajan kamfani ya ƙi yarda da rahotonsa.