Daga "vous" zuwa "tu": wa ke da ikon farawa a ofisoshin Tasawa da Mayahi?

A ofisoshin Tasawa da Mayahi baki na Hausa ne, alƙalami na Faransanci. Ma'aikata biyu za su yini suna hira da Hausa a ofishin sufeton makarantu ko a asibitin gunduma, su yi salla sahu ɗaya, su ci abinci kwano ɗaya. Amma da zarar ɗaya ya koma bakin aikinsa a Kanambakashe ko Korgom, ya ɗauki waya zai tura rahoto, sai Faransanci ya tsare shi da tambayar da Hausa ba ta yi masa da wannan tsananin ba: "vous" zai rubuta ko "tu"? Kundin da gwamnatin Nijar ta fitar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan rahoto da imel da takardar neman izini ba su rabu da wannan tambaya ba tukuna.

Abin da ke rikita Bahaushe a nan shi ne, girmamawarsa ba a kan wakilin suna ta rataya ba. Gaskiya ne muna ce wa dattijo "kun tashi lafiya?", amma muna kuma ce wa sarki "ranka ya daɗe", da "ka" ɗin mutum ɗaya, ba wanda zai ce an yi masa rashin kunya. Ladabinmu yana cikin doguwar gaisuwa, da durƙuso, da sauke murya, da kauce wa kiran sunan yanka a ce Malam ko Alhaji ko Hajiya ko Yaya. To shi rubutu ba ya ɗauke da durƙuso, ba ya ɗauke da murya. Shi ya sa saurayi zai rubuta "Monsieur le Directeur, est-ce que tu peux signer ?" da zuciya ɗaya, yana ganin tunda ya ambaci muƙami ya gama ladabi. Mai karantawa kuwa, idan ya yi zurfi a Faransancin ofis ko ya zo daga Yamai ko Dakar, abin da zai gani shi ne an ɗaga shi da hannun dama an sauke shi da na hagu.

Akwai kuma nauyin tarihi. Tun daga 1899, lokacin da ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa wannan ƙasa har shugabanninsa suka gamu da ajalinsu a yankin Maijirgi, zuwa samun 'yancin kai a 1960, Bature mai mulki ya saba ce wa baƙar fata "tu" komai furfurarsa, shi kuma a amsa masa da "vous". Masu bincike Roger Brown da Albert Gilman sun bambanta "tu" iri biyu a wani nazari da suka wallafa a 1960: akwai na iko, wanda ke gangarowa daga sama ba ya komawa, akwai na zumunci, wanda ke kai da kawowa tsakanin mutum biyu. A ganina wannan ne ma'aunin da ya fi amfani ga ma'aikaci. Kafin ka sauya, tambayi kanka: idan na ce masa "tu", zai iya mayar mini da ita ba tare da ya ji nauyi ba? Idan ba zai iya ba, abin da kake shirin yi ba kusanci ba ne, nuna iko ne.

Ƙa'idar da masu Faransanci suka gada ita ce babba ke buɗe ƙofa: wanda ya fi muƙami, ko ya fi shekaru, ko ya riga ɗan'uwansa zama a wurin. Tsakanin tsara kuwa, kamar malamai biyu da suka fito makarantar horon malamai shekara ɗaya, ko ma'aikatan jinya biyu masu matsayi ɗaya, "tu" kan zo da wuri, kowa na iya farawa. Matsalar tana tasowa ne inda muƙami da shekaru suka saɓa, kuma a yankunanmu hakan ba baƙon abu ba ne.

A ɗauka an turo matashi ɗan shekara 32 ya shugabanci wata makarantar firamare a ƙaramar hukumar Sarkin Hausa. A cikin malamansa akwai dattijo mai shekara 55, wanda duk ƙauyen ke kira Mushe, wanda ya koyar da iyayen wasu daga cikin ɗaliban. A takarda saurayin ne babba, don haka ƙa'idar ofis ta ba shi ikon neman a koma "tu". A idon gari kuwa ɗa ne. Idan ya yi amfani da wannan iko ya rubuta "On se tutoie ?", ya sa dattijon a tsaka mai wuya: ya ƙi, ya zama ya yi wa shugabansa gardama, ya yarda, ya zama yaron da bai wuce ɗan cikinsa ba yana kiransa kamar abokin wasa, kuma a rubuce, inda wasu za su iya gani. Hukuncina a nan ba shi da kwana: shugaba matashi ya riƙe "vous" ɗinsa, ya bar wa dattijo zaɓi. Idan yana so ya rage tazarar, akwai jimla da aka tanada don haka, wadda ba ta neman komai daga ɗaya ɓangaren: "Doyen, vous pouvez me tutoyer." Wato ya ba dattijon izinin ce masa "tu", shi kuma ya ci gaba da "vous". Wannan ma rashin daidaito ne, amma ya bi hanyar shekaru, hanyar da gari ya yarda da ita, kuma wanda ke riƙe da iko ne ya sauke kai da kansa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Sau da yawa dattijon zai amsa da "Merci, Monsieur le Directeur" ya ci gaba da "vous". Amsar ke nan. Yana nufin kujerar yake girmamawa, kuma ba a sake tayar da maganar.

Ta yaya ƙarami zai gane lokaci ya yi? Alamomin suna cikin saƙonnin da kansu. Abokin aikin da ya fara da "Monsieur" ya koma "Bonjour" da sunanka, ya daina rufewa da doguwar jimlar "Veuillez agréer", ya sa hannu da sunansa na yanka kaɗai ba muƙami, ya fara tambayar iyali: duk wannan kusantowa ce. Sai dai ba izini ba ce. Kiran mutum da sunansa tare da riƙe "vous" mataki ne mai zaman kansa, akwai waɗanda ke shekaru a kansa suna aiki lafiya. A kuma kula da saƙon zauren WhatsApp: "vous" ɗin da shugaba ya rubuta wa mutum ashirin na jam'i ne, ba ya nuna yadda yake kiran kowane ɗaya. Alama mafi ƙarfi ita ce ya ce maka "tu" a saƙo fiye da ɗaya a jere, da gangan, ba tuntuɓen yatsa ba. Ko a nan, idan ya girme ka sosai, tambaya ta fi kwaikwayo.

Yadda ake neman sauyin a rubuce yana da tsari mai sauƙi. Ana yin sa a saƙon mutum biyu, ba wanda aka sa wasu a kwafi ba. Ana sa shi a ƙarshe, bayan an gama maganar aiki, kuma ba a ranar da ake neman alfarma ko ake saɓani ba, don kada a ɗauka share fage ne. Sannan tambayar kanta da "vous" ake yin ta, domin ba a shiga ɗaki kafin a amsa sallama. Tsakanin tsara "On peut se tutoyer ?" ta wadatar. Ga wanda ba a saba da shi sosai ba, kamar akawun wata ƙungiyar agaji a Maraɗi da kuke musayar imel wata da watanni: "Si cela vous convient, nous pourrions nous tutoyer." Kashin farko na jimlar shi ne ladabin, domin ya bar masa ƙofar fita. Mai yarda zai ce "Avec plaisir" ya sa "tu" a jimlarsa ta gaba. Mai ƙi zai iya cewa "Merci, mais je suis plus à l'aise avec le vous", babu laifi a ciki. Wanda ya amsa maganar aiki ya tsallake tambayar, ya ƙi ne cikin kunya irin tamu.

Tsakanin namiji da mace lamarin ya fi buƙatar hattara. Tsohuwar al'adar Faransawa ta bar wa mace farawa, kuma a nan tana da dalili na biyu. Wayar matar aure ba ta rasa mai leƙawa, saƙon abokin aiki da ya tashi daga "vous" zuwa "tu" dare ɗaya yana iya jawo mata tambayoyin da ba ta ji ba ta gani ba. Namiji ya bari sai ta nema.

Idan an yarda, a sauya gaba ɗaya. "Pourriez-vous" ya koma "Pourrais-tu", "votre rapport" ya koma "ton rapport", "s'il vous plaît" ya koma "s'il te plaît", "Veuillez trouver ci-joint" ya koma "Tu trouveras ci-joint". Inda aka fi tuntuɓe shi ne jimlolin da hannu ya haddace: mutum ya rubuta "tu" a layi uku, ya rufe da "je vous remercie". Mai karantawa zai rasa gane ko mantuwa ce ko ja da baya, domin komawa "vous" bayan an saba da "tu" alamar fushi ce a wurin masu harshen.

Wuri ɗaya ne komawar ba ta nufin fushi, kuma shi ne iyakar da na fi so matasa su riƙe. "Tu" na mutum biyu ne, takardar hukuma kuwa ta ofis ce. Wasiƙar da ta fara da "J'ai l'honneur de", takardar neman hutu da za ta bi hannun shugabanni daga makaranta zuwa sufeto a Mayahi zuwa ofishin jiha a Maraɗi, imel ɗin da aka sa shugaban gunduma ko mai ba da tallafi a kwafi: duk waɗannan da "vous" ake rubuta su, ko da wanda ake rubuta wa abokin ƙuruciya ne da kuka yi kiwo tare a Urafan. Za a buga musu hatimi a ajiye, wanda zai buɗe fayil ɗin bayan shekara biyar bai san abotarku ba. Ka rubuta takardar da "vous", sannan ka ɗauki waya ka tura masa "Je viens de t'envoyer le courrier".

Ga shugabannin ofisoshi da na ƙungiyoyi kuma ina da roƙo. Sabon ma'aikaci ba shi da bakin tambaya, ku ne kuke da bakin faɗa. Ranar da ya kama aiki, ku gaya masa a fili yadda ake rubuta wa juna a wurinku, da wa ake "tu", da wa ake "vous", da takardun da ba a sassauta musu. Idan kuma kuka zaɓi ce wa direba da mai gadi da sakatariya "tu", ku shirya jin ta daga bakinsu, ko ku ce musu "vous".