Wanda Ya Gama Ajin Yaƙi da Jahilci, Wane Littafi Za Mu Miƙa Masa?

Duk wanda ya taɓa koyar da manya a nan Sangere ya san inda gizo ke saƙar. Magidanci ko uwargida za su yi wata da watanni suna fama da baƙi da wasali har su iya haɗa kalma, sai aji ya ƙare, sai a rasa abin karantawa. Bayan damina ɗaya, rabin karatun ya zube. Mu a ganinmu laifin yana wajen irin littattafan da muke miƙa musu, kuma iri uku ne.

Na farko littattafan firamare, irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Hausarsu tsaf take, kuma sun yi wa ɗalibai da yawa rana. Amma don yara aka tsara su. Mutumin da ke ciyar da baki goma, in ya ga ɗansa na aji biyu riƙe da irin littafin da ke hannunsa, to ɓoye nasa zai yi a ƙarƙashin tabarma.

Na biyu Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Ba mai musun daɗinsa, sai dai labari ne cikin labari, ga karin magana, ga jimloli masu tsawo. Sabon mai karatu kalma ɗaya ɗaya yake tsinta, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Wannan littafin sai ƙafa ta yi ƙwari, a shekara ta biyu ko ta uku.

Na uku su ne suka fi damunmu: 'yan takardun lafiya da na noma da ake rabawa a asibitoci da wuraren taro a Jimeta da Yola. A ido kamar su ne maganin matsalar, tunda gajeru ne, ga hotuna, ga batun da ya shafi rayuwa. Amma da yawansu da Turanci aka fara rubuta su, sannan aka juya su zuwa Hausa kalma bayan kalma, ba a kuma gwada su a kan ko mutum ɗaya mai sabon karatu ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki daki, wato haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo. A ce takarda ta rubuta wani abu kamar haka: a tabbatar da an narkar da adadin da ya dace na sinadaran cikin lita guda ta tsaftataccen ruwa. Ba ƙarya a ciki, amma uwar da ɗanta ke kwance da tsakar dare ba abin da za ta iya yi da wannan jimla. Nawa ne adadin da ya dace? Da me za ta auna lita a ɗakinta?

Littafin kirki zai raba aikin layi layi, kowane layi da aiki ɗaya. Ki wanke hannu da sabulu. Ki zuba ruwa mai tsafta lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, irin mai rabin lita. Ki sa sukari cokalin shayi shida, kowanne a shafe, kada ya yi tozo. Ki sa gishiri rabin cokalin shayi. Ki juya har su narke. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Ki riƙa ba yaro kaɗan kaɗan. In ya kwana ya wuni, ki zubar da ragowar ki haɗa sabo. Kun ga, ba kalma ɗaya da ba a faɗinta a tsakar gida, kuma ma'aunin duk yana cikin kwandon kwanuka.

Abin da ya sa muka nace a kan ma'auni shi ne, a nan kuskure yana iya cin rai. Gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaron da jikinsa ya riga ya bushe, sukari in ya yi yawa yana ƙara zawon. Ga kuma wani tarko: tsofaffin takardu na ƙasar nan suna ba da wani ma'auni dabam, na sukari cokali goma da gishiri cokali ɗaya, da kwalba ake auna ruwansa. Wadda ta ɗauki gishirin wannan takarda ta haɗa da ruwan waccan ta yi ɓarna ba ta sani ba. Don haka littafi ya tsaya a kan ma'auni ɗaya, ya zana cokalin da ledar ruwan kusa da layin da ya ambace su. Ya kuma faɗi iyakarsa: in yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko an ga jini a bayan gidansa, ko ya yi laushi ba ya motsi, a ajiye littafi a nufi asibiti. Littafin da bai faɗi inda aikinsa ya ƙare ba, ba ma ba da shawarar a saye shi.

Sai a duba rubutun kansa. Haruffa su zama manya, da fili tsakanin layuka, saboda yawancin ɗalibanmu da dare suke karatu, da tocila, ido kuma ya fara gajiya. A duba ƙugiya. Wanda ya ƙware zai gane daga zancen ko kafa ake nufi ko ƙafa, baki ko baƙi. Sabon mai karatu kuwa abin da ya gani shi zai furta, in bai ba da ma'ana ba sai ya ɗauka shi ne bai iya ba. Littafin da ya zubar da ƙ da ɗ da ɓ rushe aikin malami yake yi.

Wannan ba sabon tunani ba ne. A shekarun 1950, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan da Yaƙi da Jahilci, an kafa hukumar NORLA a Zariya don ta samar wa waɗanda suka gama aji abin karantawa. Ta buga ƙananan littattafai masu arha, ta kuma fitar da jaridun larduna, kamar Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, da Ardo ta nan Adamawa. Dabarar ita ce mutum ya ci karo da sunan garinsa da abin da ya dame shi a rubuce. An rufe hukumar a 1959, amma dabarar ba ta tsufa ba.

Saboda haka, kafin kwamitin masallaci ko ƙungiyar mata su kashe kuɗin gudummawa a kan kwafi talatin, a sayi kwafi ɗaya tukuna. A ba ɗalibi matsakaici, ba gwanin aji ba, ya karanta shafi guda a bayyane. Duk inda ya cije, malami ya lanƙwasa yatsa. In yatsu biyar sun ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya yi masa nauyi a yanzu. In ya wuce lafiya, a rufe littafin, a ajiye masa cokali da gishiri da sukari da ruwa, a ce bismilla, haɗa mu gani. In na taki ne ko na kiwon kaji, a kawo kayan aikin su ma. Abin da hannunsa ya auna shi zai gaya mana ko a sayo sauran ashirin da taran, ko a nemi wani.