Sakin layin "wane ya ce, wane ya ce": kai me ka ce?

Yau ƙorafi ne da ni a kan wani irin sakin layi da ya cika jingar ɗalibai da babi na biyu na kundin kammala karatu. Ka san shi, wataƙila ma ka rubuta shi. Ga samfurinsa, kamar yadda na saba gani idan an zo maganar giredin aikatau:

"Parsons (1960) ya ce aikatan Hausa sun kasu giredi bakwai. Shi kuma Newman (1973) ya ce aikatau na asali yana da wasalin ƙarshe da karin sautinsa. Haka kuma Newman (2000) ya kawo giredin sifiri. Shi ma Jaggar (2001) ya yi bayanin giredin aikatau. Duk waɗannan masana sun yi ƙoƙari matuƙa."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sunaye daidai, shekaru daidai. Amma in ni ke duba takardar, ba zan ba shi rabin maki ba. Bari ka ji dalili.

Tunda mu nan 'yan nahawu ne, mu yi masa gwajin nahawu. Ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin aikau na kowace jimla. Za ka sami Parsons, Newman, Newman, Jaggar, masana. Jimla biyar, babu ɗaya da batun da kansa ya zama aikau, babu kuma inda marubucin ya buɗe baki. Ya tara baƙi a zaure, shi kuma mai gidan ya sulale ta ƙofar baya.

Sai ka dubi kalmomin da suka haɗa jimlolin: "shi kuma", "haka kuma", "shi ma". Aikinsu jerawa ne kawai, ba sa faɗin dangantaka. A nan ma ɓarnar ta fi yawa, domin "shi kuma" ta ɓoye wa mai karatu cewa Newman a 1973 sukar tsarin Parsons ya yi. A wajen Parsons, saiwar aikatau ba ta da wasalin ƙarshe ko karin sauti na kanta, giredi ne ke ba ta su. Newman kuwa yana ganin aikatau na asali da wasalinsa da karin sautinsa yake zuwa, sannan a yi masa ƙari. Wannan saɓani ne na gaske, amma ɗalibin ya shafe shi da "shi kuma". Wanda ya karanta zai ɗauka bakinsu ɗaya. Ka ga ke nan, ana iya jera gaskiya biyar a haifar da kuskure.

To yaya za a gyara? Kafin ka taɓa sunan kowa, rufe littattafan ka rubuta jimla ɗaya tak, wadda ke ɗauke da abin da kai ka gano bayan karatun. Sharaɗinta shi ne ta zama maganar da wani zai iya musawa. "Masana sun yi bayanin giredi" ba ta cika sharaɗin ba, don ba mai musu. Amma "tsarin giredi bakwai bai game dukkan aikatan Hausa ba" magana ce mai neman hujja. In ka kasa samo irin wannan jimla, matsalarka ba ta rubutu ba ce, karatun ne bai nuna ba tukuna. Koma ka sake.

In ka same ta, sai ka ba kowane masani aiki guda. Tambayi kanka: wannan me ya zo yi mini? Parsons shi ya kafa tsarin da ake magana a kai. Newman na 1973 shi ya ƙalubalanci ginshiƙinsa. Newman na 2000 da Jaggar na 2001 su ne shaidar yadda aka yi wa tsarin gyara aka ci gaba da aiki da shi. Duk wanda ka rasa aikin ba shi, cire shi, ko da ka sha wahala kafin ka samo littafinsa. Ga yadda sakin layin zai koma:

"Tsarin giredi bakwai yana da amfani wajen koyar da aikatau, sai dai bai game dukkan aikatan Hausa ba. Ƙarfinsa shi ne yana nuna yadda saiwa ɗaya ke ba da saya, saye, sayar, sayo da sayu, kowanne da siffarsa da ma'anarsa, kuma wannan ne ya sa tsarin ya karɓu tun daga Parsons (1960). Amma aikatau masu gaɓa ɗaya, irin su ci, sha, bi da ji, ba su da gurbi a cikin bakwai ɗin, alhali da wuya a yi hira ba a yi amfani da su ba. Don cike wannan giɓi ne manyan littattafan nahawu na baya suka tanadi giredin sifiri (Newman 2000, Jaggar 2001). Akwai ma suka da ta fi wannan zurfi, cewa aikatau na asali yana zuwa da wasalinsa da karin sautinsa, ba giredi ke ba shi ba (Newman 1973), amma sukar ba ta hana ci gaba da aiki da tsarin ba. Saboda haka ya fi dacewa a koyar da bakwai ɗin a matsayin ma'auni mai iyaka, a kuma faɗa wa ɗalibi iyakar tun farko."

Sake yin gwajin biro. Yanzu aikau ya koma tsarin, ƙarfinsa, aikatau, littattafai. Masanan nan uku suna nan, ba a tauye wa kowa haƙƙinsa ba, sai dai sun koma bayan maganar da suke tallafa wa. Newman na 2000 da Jaggar sun shiga baka ɗaya tunda shaida ɗaya suke bayarwa. Mahaɗan ma sun canza: "sai dai", "amma", "don cike wannan giɓi", "saboda haka". Kowanne yana faɗin dalili ko saɓani ko sakamako. Lura kuma ba a bi jerin shekaru ba, 1973 ta zo bayan 2001, domin hujja ce ke jan ragama, ba kalanda ba. Jimlar farko da ta ƙarshe kuwa na marubucin ne.

Amma hattara, wannan salo yana da nasa tarko. Da zarar ka tura suna cikin baka a ƙarshen jimla, ka ɗora wa mai sunan duk abin da jimlar ta ƙunsa. Da za ka liƙa (Jaggar 2001) a ƙarshen jimlar "ya fi dacewa a koyar", ka sa masa magana a baki ke nan, domin shawarar taka ce. Haka nan kada ka cusa mutum biyu a baka ɗaya sai ka tabbata a kan wannan gaɓar sun yi tarayya. Shi ya sa ban haɗa Newman na 1973 da na 2000 ba. Mutum ɗaya ne, amma aikin farko sukar tsarin ya yi, na biyun kuwa ya yi aiki da shi bayan gyara.

Kada kuma ka ce na hana fara jimla da sunan masani. Idan shi kansa masanin ne batun, misali kana bin yadda ra'ayin Newman ya tafi daga 1973 zuwa 2000, to dole sunansa ya zo gaba. Abin da nake suka shi ne sunan ya zama mafaka ga wanda bai yanke shawarar abin da zai ce ba.

Aikin gida: ɗauko sakin layi ɗaya daga jingarka ta ƙarshe, ka ja layi ƙarƙashin aikau na kowace jimla. In ka tarar duk sunayen mutane ne, goge su na ɗan lokaci ka karanta abin da ya rage. In abin da ya rage bai tsaya da ƙafarsa ba, jimlarka ta farko ce ba ka rubuta ba tukuna.